Yadda Ake Karanta Wasiƙar Hukuncin Jami'a a Gane Ko An Samu Gurbi

Na daɗe ina zama da masu neman gurbin karatu muna karanta wasiƙun da jami'o'i ke aiko musu, kuma kuskure biyu ne na fi gani. Wani da ya ga kalmar taya murna a layin farko sai ya rufe wasiƙar ya fara sanar da 'yan uwa, alhali a ƙasa an jera sharuɗɗan da bai cika ko ɗaya ba. Wani kuma da ya ga kalmar da bai saba da ita ba sai gwiwarsa ta yi sanyi ya daina duba saƙonni, alhali jami'ar tana nan tana jiran amsarsa. Kalmomi huɗu ne suka fi jawo wannan ruɗani, wato "conditional offer", "provisional admission", "deferred" da "waitlisted". Biyun farko suna nufin an ba ka gurbi amma da sauran magana, biyun ƙarshe kuma galibi suna nufin ba a ba ka ba tukuna amma ba a rufe ƙofa ba. Zan kawo su yadda ake rubuta su a wasiƙa, domin haka za ka gan su.

Abubuwan da za ka tanada

Abu na farko shi ne cikakkiyar wasiƙar. Saƙon imel da yake shigowa yawanci sanarwa ce kawai, ainihin wasiƙar tana cikin shafinka na neman gurbi a intanet ko kuma an liƙo ta a jikin saƙon, kuma a can ne ake rubuta sharuɗɗa da wa'adi. Idan da hali ka buga ta a takarda, domin za ka ja layi a kanta. Idan babu na'urar bugawa, ka sauke ta a waya ka kwafe muhimman jimlolin da hannu a littafi, harafi da harafi.

Sai ka ajiye kusa da kai kwafin takardar neman gurbin da ka cike, da sakamakon jarrabawarka, da takardar bayanin makinka idan digiri na biyu kake nema, da sakamakon jarrabawar Turanci idan ka yi, da fasfo ko katin shaida. Ka samu kalanda da alƙalami da farar takarda. A ƙarshe ka buɗe shafin jami'ar da ya yi bayanin ka'idojin ɗaukar ɗalibai na shekarar da kake nema, domin kalma ɗaya tana iya sauya ma'ana daga wata jami'a zuwa wata, kuma fassarar jami'ar da ta rubuto maka ita ce abin dogaro, ba ta ƙamus ba, ba kuma ta abokin da ya nemi wata makaranta dabam ba.

Mataki na 1: Nemo jimlar hukunci

Ka karanta wasiƙar sau ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da ka tsaya ba, sannan ka dawo ka nemo jimla guda wadda ta faɗi abin da jami'ar ta yanke. Galibi tana sakin layi na farko ko na biyu. Godiyar da suka yi maka da yabon takardunka da bayanin yawan masu nema duk ladabin rubutu ne, ana yi wa wanda aka ɗauka da wanda aka ƙi. Ka ja layi a ƙarƙashin jimlar hukuncin, sannan ka zagaye duk wata kalmar sharaɗi da ke kusa da ita, irin su "subject to", "provided that", "pending" da "on condition that". Duk inda ka ga ɗaya daga cikinsu, abin da ya biyo bayanta shi ne ke riƙe da gurbinka.

A wannan karatun ne kuma za ka gwada bayanan da ke wasiƙar da na takardunka: rubutun sunanka da jerin sunayen, ranar haihuwa, sunan kwas, matakin karatu, da lokacin farawa. Wasu jami'o'i sukan ba mutum wani kwas dabam da wanda ya nema, ko su ba shi shekarar share fage maimakon shiga digiri kai tsaye, kuma da yawa ba sa lura sai bayan sun karɓa.

Mataki na 2: Amsa tambaya uku a rubuce

A farar takardar nan ka rubuta tambaya uku. Shin an ware mini gurbi ko ba a ware ba? Aiki na gaba a hannun wa yake, ni ko jami'a? Wace rana ce ta ƙarshe, kuma ta mece ce? Duk wasiƙar hukunci tana amsa waɗannan ukun, kuma da ka amsa su ka gama rabin aikin.

Wajen rubuta ranaku sai an yi hattara. A tsarin Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, saboda haka 05/01 na nufin 1 ga Mayu, alhali a tsarin Birtaniya wannan rubutun na nufin 5 ga Janairu. Wa'adi kuma sau da yawa da agogon garin da jami'ar take ake lissafa shi. Sannan wasiƙa ɗaya tana iya ɗaukar wa'adi uku mabambanta, na karɓar tayi, da na biyan kuɗin kafin alƙalami, da na cika sharuɗɗa. Ka rubuta kowanne a layinsa, domin wanda ya riƙe na ƙarshe kawai yakan wayi gari na farko ya wuce shi.

Mataki na 3: Idan an rubuta "conditional offer"

Ma'anarsa ita ce jami'a ta yi maka alkawarin gurbi idan ka cika wasu sharuɗɗa da ta ambata kafin wani lokaci da ta ƙayyade. Wannan salo ya fi yawa a Birtaniya, inda ɗalibai ke neman digirin farko ta hanyar UCAS, wato tsarin neman gurbi na ƙasar, tun kafin sakamakon jarrabawarsu ya fito a watan Agusta, sai jami'a ta ce ta ɗauke ka idan ka samu maki kaza. Kishiyarsa ita ce "unconditional offer", wato tayin da ba ya jiran wani sakamako. Aikin yana hannunka, kuma da zarar ka cika sharuɗɗan ka aika da shaida aka amince da ita, sai a mayar da tayin marar sharaɗi.

Abin da nake sa kowa ya yi shi ne ya warware sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa ana cusa biyu ko uku a cikin jimla guda. A gaban kowane sharaɗi ka rubuta takardar da za ta tabbatar da shi, da wanda zai bayar da ita, da tsawon lokacin da samunta zai ɗauka.

Bari in kawo misalin wata ɗaliba da ta nemi digiri na biyu tana cikin zangonta na ƙarshe na digirin farko. An rubuta mata cewa an ba ta gurbi bisa sharaɗin ta gama digirinta da matsayin 2:1 ko daidai da shi, ta kawo cikakkiyar takardar bayanin maki, kuma ta samu wannan sakamako a jarrabawar Turanci: "IELTS 6.5 overall with no less than 6.0 in each component". Ta zo da murnarta tana cewa ta riga ta cika na Turanci, domin jimillar makinta 6.5 ce. Da muka buɗe takardar sakamakon sai muka ga ta samu 7.0 a sauraro, 7.0 a karatu, 6.5 a magana, amma 5.5 a rubutu. Idan aka haɗa huɗun za a samu 26, a raba gida huɗu ya ba da 6.5, don haka jimillar ta yi daidai. Sai dai rabin jimlar na biyu yana cewa kada ko ɓangare ɗaya ya gaza 6.0, kuma rubutunta ya gaza da rabin maki. Rabin makin nan kaɗai ya isa ya hana tayin zama marar sharaɗi, kuma ta kusa shafe wata biyu tana zaton ta wuce wurin.

Mafita uku ke gabanta. Tana iya sake zama jarrabawar gaba ɗaya. Tana iya sake ɓangaren rubutu kawai, domin akwai tsarin da ya ba da damar haka ga wanda ya yi jarrabawar a kwamfuta cikin kwana 60, amma ba kowace jami'a ce ke karɓarsa ba, sai an tambaya kafin a biya kuɗi. Ko kuma ta shiga gajeren kwas ɗin Turanci da jami'o'i da yawa ke shiryawa kafin buɗe zango, wanda ake rubutawa "pre-sessional", idan makinta ya kai abin da ake buƙata don shigarsa. Ta zaɓi ta farko saboda akwai sauran lokaci. A nan ma akwai abin lura, wato sakamakon IELTS shekara biyu ake karɓarsa, kuma wasu jami'o'i suna son ya kasance bai ƙare ba har ranar fara karatu, ba ranar da aka aika shi kawai ba.

Sharaɗin farko ma yana da tarkonsa. Kalmar "or equivalent", wato "ko daidai da shi", ba ta ba ka damar auna kanka da kanka ba, jami'ar ce ke da ma'auninta na digirorin kowace ƙasa. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'in Najeriya ke amfani da shi, matsayin 2:1 yana farawa daga 3.50, amma wata jami'ar waje tana iya ambata lamba takamaimai da ta fi haka, kuma idan ta ambata, lambar ce za a bi. Sharaɗi na biyu kuwa shi ne wanda ya fi cin lokaci ko da yake ya fi kama da mai sauƙi, domin takardar bayanin maki ba a hannunka take ba, kuma wasu jami'o'i ba sa karɓarta sai idan tsohuwar makarantarka ce ta aika musu kai tsaye. Ka fara nemanta a makon da wasiƙar ta iso. Idan takardar shaidar digiri ba za ta fito da wuri ba, ka tambaya a rubuce ko za su karɓi takardar sanarwar sakamako ko wasiƙar shaidar kammalawa daga ofishin magatakarda kafin ta fito, da yawa suna karɓa.

Gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci a nan ya shafi biza. A Birtaniya ɗalibin waje ba ya iya neman bizar karatu sai da lambar CAS, wato lambar da ke tabbatar da an ɗauke shi karatu, kuma jami'a tana bayar da ita ne bayan tayin ya zama marar sharaɗi, sau da yawa kuma bayan an biya kafin alƙalami. Saboda haka wa'adin da ke wasiƙa ba shi ne wa'adinka na gaskiya ba. Ka lissafo daga ranar fara karatu ka dawo baya, ka cire makonnin neman biza da na jiran lambar, abin da ya rage shi ne lokacin da kake da shi. Kada ka ajiye aiki ko ka sayi tikitin jirgi da tayi mai sharaɗi.

Idan sakamako ya fito ka gaza sharaɗin da kaɗan, kada ka yanke wa kanka hukunci. Jami'a tana da ikon ɗaukarka duk da haka idan akwai gurbi, amma ba wajibi ba ne a kanta. Ka aika da sakamakon yadda yake, ka jira amsarsu.

Mataki na 4: Idan an rubuta "provisional admission"

Wannan shi ne shiga ta wucin gadi, kuma mutane suna yawan haɗa shi da wanda ya gabata. A fahimtata bambancin yana nan: tayi mai sharaɗi yawanci yana jiran abin da ba ka samu ba tukuna, shiga ta wucin gadi kuwa yawanci tana jiran a tabbatar da abin da ka ce kana da shi. An ɗauke ka bisa bayanin da ka cike, kuma jami'a ta riƙe wa kanta ikon janye gurbin idan aka duba takardunka na asali aka ga ba su yi daidai da bayanin ba.

A Najeriya kusan kowace takardar shiga jami'a da wannan kalmar take fitowa, har wadda hukumar JAMB ke bayarwa, don haka ganinta ba alamar matsala ba ce. Tun 2017 ɗaukar ɗalibai yana bi ta tsarin CAPS na hukumar, inda mai nema zai shiga ya karɓi gurbin ko ya ƙi, kuma sunan da ya fito a jerin makaranta kawai ba tare da ya bayyana a can ba bai zama cikakken gurbi ba. Bayan an karɓa sai tantancewa a makaranta, inda ake duba sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB a ga ko akwai kiredit biyar da suka dace da kwas ɗin, galibi har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. A nan ake kama wanda ya cike cewa yana jiran sakamako amma bai ɗora shi ba da ya fito, da wanda yake da kiredit biyar amma babu darasin da sashen ya wajabta, da wanda kwas ɗinsa ke neman zama ɗaya shi kuma ya haɗa biyu.

Saɓanin suna da ranar haihuwa su ne suka fi wahalar da mutane a wannan mataki, kuma su ne aka fi rainawa. Ka shimfiɗa takardunka a jere ka karanta sunan da ke kowacce da idon mai neman kuskure. Idan wata ta rubuta Muhammad wata Mohammed, ko aka juya sunan mahaifi ya koma gaba, ka fara gyara ko ka nemi takardar rantsuwa ta kotu tun kafin ranar tantancewa. Ka kuma karanta ƙasan wasiƙar da kyau, domin da yawa suna cewa ana iya janye gurbin a kowane lokaci da aka gano bayanin ƙarya, ko da ɗalibi ya yi nisa a karatu.

A wasu jami'o'in Amurka, musamman a matakin digiri na biyu, wannan kalma tana da wata ma'ana ta dabam, wato an ɗauke ka a matsayin gwaji, za ka fara karatu amma sai ka riƙe wani matsakaicin maki a zangon farko, ko ka ci wasu darussan share fage, kafin a mayar da kai cikakken ɗalibi. Idan wasiƙarka ta ambaci maki ko darussan da za ka yi bayan ka shiga, to wannan ma'anar ake nufi, kuma ɗalibin waje ya kamata ya tambaya ko za a ba shi takardar I-20 ta neman biza a wannan matsayi.

Mataki na 5: Idan an rubuta "deferred"

Kalmar tana nufin an ɗage, amma dole ka gano abin da aka ɗage, domin abu biyu ne masu nisa da juna. Ko dai an ɗage yanke hukunci a kan takardarka, ko kuma an ɗage lokacin fara karatunka.

Ma'ana ta farko daga tsarin Amurka take. A can ana iya nema da wuri, yawanci zuwa farko ko tsakiyar Nuwamba, a samu amsa wajen tsakiyar Disamba. Wanda aka rubuta masa wannan kalma a lokacin ba a ɗauke shi ba, ba a kuma ƙi shi ba, an mayar da takardarsa cikin ta sauran jama'a ne za a sake dubawa, amsa kuma ta fito wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Ba ka da gurbi, saboda haka ka ci gaba da neman sauran makarantu kamar ba ka nemi wannan ba. Idan ka nema ne ta tsarin "Early Decision", wanda a cikinsa mai nema ke ɗaukar alkawarin shiga idan aka ɗauke shi, ɗagewar ta sauke maka wannan alkawari. Abin da ya rage a hannunka shi ne ka tabbatar makarantarka ta aika da sakamakon tsakiyar shekara, sannan, idan jami'ar ta yarda, ka rubuta gajeriyar wasiƙa ka nuna har yanzu kana son gurbin, ka kuma ambaci sabon abin da ka cimma tun bayan da ka nema. Wasu jami'o'i suna faɗa ƙarara cewa kada a aiko da ƙarin komai, kuma idan sun faɗa, bin umarninsu ya fi kowace wasiƙa.

Ma'ana ta biyu labari ne mai daɗi, domin gurbin naka ne, lokacin shiga kawai aka matsar zuwa zango ko shekara mai zuwa. Za ka gane ta da kalmomi irin su "deferred entry" ko ambaton sabuwar ranar farawa. Yawanci ɗalibi ne ke roƙon haka saboda rashin lafiya ko jinkirin biza ko rashin kuɗi, wani lokaci kuma jami'a ce ke bayarwa. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka duba abin da kalmar ta jingina da shi. Idan "application" ko "decision" ne aka ɗage, ba ka da gurbi tukuna. Idan "entry" ko "enrolment" ko "start date" ne, kana da shi. Wanda aka ɗage masa shiga ya nemi amsar abu uku a rubuce: ko tallafin karatun da aka ba shi zai bi shi zuwa sabuwar shekarar, domin sau da yawa ba ya bi, da ko kuɗin makaranta na shekarar da zai shiga zai biya, da ko sakamakon jarrabawar Turancinsa zai kai lokacin. A tsarin UCAS kuma, wanda ya nemi ɗage shiga yawanci dole ya cika sharuɗɗansa a shekarar da ya nema, ba shekarar da zai fara ba.

Mataki na 6: Idan an rubuta "waitlisted"

An gama duba takardarka, an ga ka cancanta, amma gurabe sun cika, sai aka sa ka a jerin masu jira. Za a waiwaye ka ne kawai idan waɗanda aka ba gurbi ba su karɓa da yawan da jami'ar ta yi tsammani ba. Bambancinsa da ɗage hukunci shi ne can takardarka ce ake sake aunawa, nan kuwa shawarar wasu mutane kake jira, abin da ba ka da iko a kansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa sunanka yana cikin jerin kai tsaye. A jami'o'i da yawa sai ka shiga shafinka ka amsa cewa kana son zama a jerin kafin wata rana, in ba haka ba a cire ka. Bayan nan ka duba ko jerin yana da lamba. Wasu suna faɗa maka matsayinka, wasu kuma ba sa jera mutane da lamba, sai dai su ɗauko wanda ya dace da gurbin da ya buɗe. A Amurka ranar 1 ga Mayu ce aka saba waɗanda aka ɗauka su ba da amsa, don haka jerin ba ya motsi sosai sai bayanta, kuma kira yana iya zuwa har cikin watannin Yuni da Yuli. Yawan waɗanda ake ɗaukowa yana sauyawa ƙwarai daga shekara zuwa shekara, wata shekarar ma ba a ɗaukar kowa, shi ya sa ba na barin ɗalibi ya gina shirinsa a kan abin da ya faru bara.

Shawarata a kullum ita ce ka karɓi gurbin da ke hannunka a wata makarantar kafin wa'adinsa ya wuce, ka biya kafin alƙalami, sannan ka ci gaba da jira. Idan kiran ya zo ka sauya, yawanci kuɗin nan ba ya dawowa, sai ka sa shi a lissafi tun farko. Ka riƙa duba imel kullum har da akwatin saƙonnin banza, domin wanda aka ɗauko daga jerin kwanaki kaɗan ake ba shi ya amsa. Ka kuma sa wa kanka ranar da za ka daina jira, musamman idan kana buƙatar biza da masauki.

Mataki na 7: Jera wasiƙun idan sun fi ɗaya

Idan kana da amsoshi daga wurare da yawa, ka jera su bisa ƙarfinsu, ba bisa yadda kake son makarantun ba. Tayi marar sharaɗi shi ne a sama, sai shiga ta wucin gadi idan ka tabbata takardunka lafiya suke, sai tayi mai sharaɗi gwargwadon sauƙin cika sharaɗinsa, sannan ɗagaggen hukunci da jerin masu jira a ƙasa. A UCAS, inda ake iya neman kwas har biyar, mai nema yana riƙe biyu ne daga cikin tayin da ya samu, babban zaɓi wanda ake kira "firm" da na ko-ta-kwana wanda ake kira "insurance". Na biyun ba shi da amfani idan sharuɗɗansa sun kai na farkon tsauri, domin sakamakon da ya kayar da kai a ɗaya zai kayar da kai a ɗayan.

Mataki na 8: Tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai

Idan bayan duk wannan akwai jimlar da ba ta fito maka ba, ka rubuta wa adireshin da ke jikin wasiƙar, daga imel ɗin da ka yi rajista da shi. Ka sa cikakken sunanka da lambar neman gurbinka da sunan kwas a sama, ka kwafo jimlar yadda take, sannan ka yi tambaya wadda za a iya amsawa da e ko a'a. Maimakon ka ce a yi maka bayanin sharuɗɗanka, ka tambaya ko za a karɓi takardar sanarwar sakamako a madadin shaidar digiri, da kuma ranar ƙarshe ta aika ta. Idan ta waya aka ba ka amsa, ka bi ta da imel kana maimaita abin da aka faɗa maka tare da neman a tabbatar, domin ranar da aka samu saɓani rubutu kaɗai ake dubawa. Wanda wakili ya nema masa gurbi ya karɓi ainihin wasiƙar da bayanan shiga shafinsa ya karanta da idonsa, kuma kafin ya biya ko sisi ya gwada lambar asusun da aka ba shi da wadda ke shafin jami'ar.

Bayan ka aika da kowace takarda, ka koma shafinka bayan 'yan kwanaki ka ga ko an nuna an karɓe ta, domin aikawa dabam, amincewa dabam. Sharaɗi bai cika ba sai jami'a ta rubuta cewa ya cika, kuma a tayi mai sharaɗi alamar hakan ita ce sabuwar wasiƙa ko sauyin matsayi a shafinka zuwa "unconditional". Ka sauke wannan sabuwar wasiƙar ka ajiye ta tare da ta farko da duk saƙonnin da kuka yi musaya, domin za a neme su wajen biza da ranar rajista.